Kundin aiki: kwamfuta biyu a monita ɗaya ta akwatin KVM

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Kayan da ke kan tebur: babbar kwamfuta mai Windows 11 da katin hoto na daban, ƙaramar kwamfuta mai Ubuntu 24.04 da hoton Intel na cikin firosesa, monita mai inci 27 da ke nuna 2560x1440 har zuwa 144 Hz, kibod ɗaya, maus ɗaya, sai akwatin KVM, na'urar da ke sauya monita da kibod da maus daga wata kwamfuta zuwa wata, mai ɗaukar kwamfuta biyu ta HDMI. A jikin kwalinsa an rubuta 4K@60. Wayoyin HDMI uku ne, biyu daga kwamfutoci zuwa akwati, ɗaya daga akwati zuwa monita, ko wacce mita ɗaya da rabi. Akwai kuma wayoyin USB biyu da ke kai kibod da maus ga kwamfutar da aka zaɓa.

An haɗa, hoto ya fito a duka biyun, har 144 Hz ɗin. Matsalar tana wajen sauyawa. Idan aka danna maɓalli aka bar Windows aka dawo, tagogin da aka shimfiɗa a faɗin sikirin sai a tarar sun tsuke sun taru a kusurwar hagu ta sama, kuma sauti ya bar lasifikar monita ya koma wata kafa. Ita kuma Linux, idan aka kunna ta alhali akwatin yana ɓangaren Windows, wani lokaci sai ta tashi da hoto ƙato mai 1024x768.

Duk wanda aka faɗa wa wannan zai ce matsalar EDID ce, wato bayanin da monita ke bayarwa game da kanta, a sayi emuleta, ƙaramar na'urar da ke kwaikwayon monita. Ba za mu sayi komai ba tukuna. Abubuwa daban-daban ne ake kira da wannan suna ɗaya, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan. Gobe za mu karanta abin da ko wace kwamfuta take gani.

Talata, 6 ga Mayu

EDID ɗan bayani ne da monita ke ajiye a cikinta, tana miƙa wa duk na'urar da ta tambaya: sunana kaza, girmana kaza, ga hotunan da nake iya nunawa, ga wanda na fi so. Ƙungiyar VESA ce ta tsara shi tun 1994. Tubalin farko bait 128 ne. Yana farawa da `00 FF FF FF FF FF FF 00`, bait na 8 zuwa na 15 na ɗauke da lambar kamfani da ta samfuri da siriyal, daga na 54 zuwa na 71 kuma hoton da monitar ta fi so. Bait na 126 yana faɗin tubali nawa ne ke biye, na 127 kuma na tantancewa ne: idan aka tara duka 128 ɗin aka raba da 256, dole ragowar ta zama sifili. Monitocin HDMI suna da tubali na biyu, wani 128 ɗin, inda bayanin sauti da na manyan gudu yake.

A cikin wayar HDMI fil huɗu ne ke wannan aiki. Fil na 15 da na 16 su ne hanyar da ake karanta bayanin, a adireshin `0x50`. Fil na 18 yana kai wuta 5V daga kwamfuta zuwa monita. Fil na 19 shi ne HPD, wanda monita ke ɗagawa ta ce ga ni nan. Kwamfuta ba ta karanta EDID sai ta ga wannan fil ya tashi, kuma da zarar ya faɗi, a wurinta an cire monita ke nan.

Linux ce ma'auninmu, domin tana ajiye abin da ta karanta a fili. Mun fara da haɗa monita kai tsaye, babu akwati a tsakani, sannan muka maimaita ta akwati:

```
cat /sys/class/drm/card*-HDMI-A-1/edid > kaitsaye.bin
wc -c kaitsaye.bin
edid-decode kaitsaye.bin
```

A lura, `ls -l` a kan wancan fayil na `/sys` yana nuna girmansa sifili ne ko da akwai bayani a ciki, shi ya sa sai an kwafe shi a auna kwafin. Kuma a wasu tsofaffin kwamfutocin Intel kafar HDMI tana fitowa da sunan `DP-1` ko `DP-2`, saboda akwai ɗan cif mai juya sigina a bayanta. A duba jerin `/sys/class/drm` kafin a rubuta suna.

Kai tsaye mun samu bait 256. Ta akwati, lokacin da aka zaɓi Linux, bait 256 ne, kuma `cmp` bai ga bambancin ko bait ɗaya ba. Sai muka shiga Linux ta SSH daga wayar hannu, muka juya akwatin zuwa Windows, muka sake karantawa: bait sifili, kuma fayil ɗin `status` ya ce `disconnected`. Mun bar `udevadm monitor --subsystem-match=drm` yana aiki muka yi ta sauyawa, ko wace dannawa tana haifar da layin `change`.

To, akwatin bai ɓata EDID ba. Yana wuce da shi yadda yake. Abin da yake yi shi ne yanke wa kwamfutar da ba a zaɓa ba fil na 19 da hanyar karatu gaba ɗaya, kamar an zare waya. Windows idan ta rasa monitarta ɗaya tilo sai ta koma wani ƙaramin sikirin na wucin gadi, ta matse tagogi su shiga cikinsa, kuma idan monita ta dawo ba ta mayar da su yadda suke. Ana ganin sawun wannan a rajista, ƙarƙashin `HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\GraphicsDrivers\Configuration`, inda ake samun mashiga masu farawa da `SIMULATED` ko `NOEDID`. Sauti ma haka: na'urar sautin HDMI tana rayuwa ne da EDID, idan ya tafi ta tafi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Kafin a kashe kuɗi mun gwada abin da ke hannu. A saitin `System > Display` na Windows 11 akwai `Remember window locations based on monitor connection`. A kunne yake tun farko. An yi shi ne don mai monita biyu da ke cire ɗaya, kuma a nan inda monita ɗaya ce bai hana tsukewar ba.

Mun kuma gwada CRU, ƙaramar manhajar da ke ɗora wani EDID a rajista a madadin wanda monita ta bayar. Ba ta taimaka ba, kuma dama bai kamata ta taimaka ba. Ita tana canza abin da Windows ta yarda da shi game da monitar da take gani ne. Ba ta iya sa ta ga monitar da fil na 19 ya ce babu. Mutane da yawa suna ɓata kwanaki a nan, suna gyaran bayani alhali sigina ce ke faɗuwa.

Ɓangaren USB bai da rikici sosai. Akwatin yana da ramuka biyu masu hoton kibod da maus, da wasu biyu marasa alama. Masu alamar ba sa miƙa ainihin kibod ga kwamfuta, suna nuna mata wani kibod na gama-gari ne da ke cikin akwatin, don su iya sauraron danna `Scroll Lock` sau biyu su sauya. A nan maɓallan ƙara da rage sauti da maɓallan gefen maus ba su yi aiki ba. Da aka mayar da maus rami marar alama, `lsusb` ya nuna shi da sunansa, komai ya dawo, sai dai yana ɗaukar daƙiƙa biyu zuwa uku bayan sauyawa kafin ya motsa, domin kwamfuta tana sake gane shi daga farko. Mun bar kibod a mai alama, maus a marar alama.

Talata, 13 ga Mayu

Emuleta ta farko ta iso. Ƙaramar aba ce kamar babban yatsa, kai namiji a gefe ɗaya, rami a ɗayan. Wurin zamanta shi ne tsakanin kwamfuta da akwati, ba tsakanin akwati da monita ba. Wannan kuskure ne mai sauƙin yi: idan aka sa ta a ɓangaren monita, akwatin zai ci gaba da yanke kwamfutar da ba a zaɓa ba, ba a yi komai ba ke nan. Tana shan wuta daga fil na 18 na kwamfutar, tana riƙe fil na 19 a sama kullum, kuma ita take amsa tambayar `0x50` daga ma'ajiyarta.

A Windows tagogi sun daina motsi, sauti ya zauna. Amma 144 Hz ya ɓace daga jeri, 120 ma haka, kuma hoton da aka ba da shawara ya zama 1920x1080. Rubutu ya yi dishi-dishi har sai da aka zaɓi 2560x1440 da hannu, shi ma a 60 Hz kaɗai.

Mun ɗauke ta zuwa Linux muka karanta. Sunan da ke `Display Product Name` ba na monitarmu ba ne. Hoton farko a jeri 1920x1080 ne mai 148.5 MHz. Girman jiki da ta faɗa ba na inci 27 ba ne, wanda ya kamata ya zama kusan milimita 597 da 336, kuma da wannan lamba tsarin ke lissafin girman rubutu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne babu sashen `Vendor-Specific Data Block (HDMI Forum)` a tubali na biyu. A ainihin EDID na monitar, wannan sashe ne ke ɗauke da `Maximum TMDS Character Rate: 600 MHz` da `SCDC Present`. Idan babu shi, katin hoto yana ɗauka monitar ta zamanin HDMI 1.4 ce, ba zai aika abin da ya wuce 340 MHz ba.

Yanzu ne muka shiga matsalar EDID ta gaske, wato bayanin da ke ciki ba na wannan monita ba ne. Irin wannan emuleta mai bayani kafaffe daga masana'anta tana da amfani ga kwamfutar da ba ta da monita sam, ana shiga ta daga nesa. Ga wanda ke son hoton monitarsa na ainihi ba ta dace ba. Haka nan akwatunan KVM da ake rubuta musu suna kwaikwayon EDID, wasu kwafin monitar suke riƙewa, wasu nasu na gama-gari suke bayarwa, kuma rubutun kwali ba ya bambantawa. `cmp` ne ke bambantawa.

Laraba, 14 ga Mayu

Linux ba ta buƙatar emuleta, domin ana iya gaya wa kanel, wato zuciyar tsarin, abubuwan biyu da baki: ga EDID ɗin da za ka yi aiki da shi, kuma ka ɗauka monita tana nan ko da yaushe. Mun kwafe `kaitsaye.bin` zuwa `/lib/firmware/edid/monita.bin`, sannan a `/etc/default/grub`:

```
GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT="quiet splash drm.edid_firmware=HDMI-A-1:edid/monita.bin video=HDMI-A-1:e"
```

Rabin farko ne ke ba da bayanin, harafin `e` na ƙarshe kuma shi ke tilasta kafar ta zauna a kunne. Idan aka sa na farko kaɗai, hoto zai daidaita amma tsarin zai ci gaba da ganin ana cirewa ana mayarwa.

A tashin farko bai kama ba. `dmesg | grep -i edid` ya nuna kanel ya nemi fayil ɗin bai same shi ba. Dalili shi ne direban hoto yana tashi tun cikin `initramfs`, ƙaramin tsarin da ake fara lodawa, kafin a buɗe babban faifai inda muka ajiye shi. Sai an cusa fayil ɗin can ciki. Mun rubuta wannan a `/etc/initramfs-tools/hooks/edid`:

```
#!/bin/sh
[ "$1" = prereqs ] && exit 0
. /usr/share/initramfs-tools/hook-functions
copy_file firmware /lib/firmware/edid/monita.bin
```

Bayan `chmod +x` a kansa, sai `update-initramfs -u` da `update-grub`, aka sake kunnawa akwatin yana ɓangaren Windows. Da aka juyo, 2560x1440 ne a tsaye, `status` kuma yana cewa `connected` ko ina akwatin yake. Abin da wannan bai shafa ba shi ne allon BIOS da menun GRUB, domin suna zuwa kafin kanel. Wanda zai shiga BIOS sai ya juya akwatin ɓangaren kwamfutar kafin ya kunna ta. Kuma ranar da aka canza monita dole a canza fayil ɗin, in ba haka ba za a riƙa aika wa sabuwar hoton tsohuwa.

Talata, 20 ga Mayu

Emuleta ta biyu, mai iya kwafa, ta iso. Tana da ɗan maɓalli da fitila a gefe. An haɗa ta kai tsaye tsakanin kwamfuta da monita, babu akwati, monitar a kunne tana nuna hoto, aka danne maɓallin har fitilar ta daina ƙiftawa. Yadda ake dannawa ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, a bi takardarta. Abin da bai bambanta ba shi ne a tabbatar da kwafin. Mun cire layin kanel na ɗan lokaci, tun da yana rufe abin da ake karantawa, muka sa emuletar a Linux ba tare da monita a bayanta ba, muka kwafe, muka kwatanta da `kaitsaye.bin`. Bait 256, babu bambanci.

Wannan dubawa tana da dalili. Wasu monitoci masu babban gudu suna da tubali uku, bait 384, kuma emuleta mai ma'ajiyar 256 za ta yanke na ukun. Alamar ita ce bait na 126 ya ce biyu ne ke biye amma ɗaya kaɗai ake samu, ko a ga an gyara lambar amma manyan gudu sun ɓace daga jeri. Tamu ba ta kai nan ba.

Aka mayar da ita Windows. Suna daidai, 144 Hz ya dawo, tagogi ba sa motsi. Sai aka sauya zuwa Linux aka dawo: sikirin baƙi ƙirin, monita tana cewa babu sigina. Kwamfutar tana aiki, fitilar `Caps Lock` tana amsawa. Danna `Win+Ctrl+Shift+B`, wanda ke sake tayar da direban hoto, ya dawo da hoton nan take. Da aka sauke zuwa 60 Hz aka yi sauyi ashirin, ko sau ɗaya bai yi baƙi ba. A 120 ya yi, a 100 ma ya yi.

Zato na farko waya ce. Mun canza duka biyun da ke kan hanyar da gajeru masu mita ɗaya, ba abin da ya canza. Dama alamar ba ta waya ba ce. Waya mai rauni tana kawo ƙyalli-ƙyalli kamar yashi a hoto, ko ɗaukewa na daƙiƙa ɗaya a tsakiyar aiki. Wannan kuwa hoto ne tsaf na awanni, ba ya mutuwa sai an sauya, kuma yana dawowa ba tare da an taɓa waya ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Iyakar tana tsakanin 60 da 100, don haka muka yi lissafi. Saurin fiksel shi ne faɗin layi duka, har da ɓoyayyen gefe, sau yawan layuka duka, sau yawan sabuntawa a daƙiƙa. A 60 Hz monitar tana amfani da 2720 sau 1481, wato kusan 241.5 MHz. A 100 Hz ya haura 400. A 120 Hz 497.75 ne, a 144 Hz kuma 586.59. Duk wanda ya yi baƙi yana sama da 340 MHz, wanda bai yi ba yana ƙasa.

Lambar 340 ita ce iyakar HDMI 1.4. Daga nan zuwa 600, HDMI 2.0 ya canza yadda siginar ke tafiya: ana cakuɗa bayanan don rage hayaniyar lantarki, kuma agogon da ke rakiyarsu yana sauka daga kashi ɗaya cikin goma na gudun bit zuwa ɗaya cikin arba'in. Monita ba ta gane wannan da kanta. Kwamfuta ce ke rubuta mata, ta waɗancan fil na 15 da na 16, a wani adireshi dabam, `0x54`, wanda ake kira SCDC. A gurbi na `0x20`, bit na farko yana kunna cakuɗawa, na biyu yana sauya rabon agogo. Idan duka biyun suna kunne za a karanta `0x03`. Kwamfuta tana rubuta wannan lokacin da take kafa hoto, sannan ta ci gaba da turo sigina.

Tunaninmu shi ne idan akwati ya sauya, monita tana share wannan gurbi. A da, faɗuwar fil na 19 tana sa kwamfuta ta sake kafa hoto daga farko, har da sake rubuta gurbin. Yanzu emuleta ta ɓoye mata faɗuwar, don haka tana ci gaba da aika cakuɗaɗɗiyar sigina ga monitar da ta koma jiran ta talakawa. Abin da ya gyara tagogi shi ya kawo baƙin sikirin.

Don tabbatarwa mun mayar da emuletar zuwa Linux, muka sa 144 Hz, muka shiga ta SSH. Lambar hanyar ana samunta a nan:

```
sudo modprobe i2c-dev
ls -l /sys/class/drm/card*-HDMI-A-1/ddc
sudo i2cget -y 3 0x54 0x20
```

A wurinmu hanya ta 3 ce, a wata kwamfutar wata lamba ce. A nan a yi hattara sosai: kada a ƙiyasta lambar. A kan wata hanyar ta cikin kwamfuta, adireshin `0x50` da maƙwabtansa na ƙananan ma'ajiyoyin da ke jikin RAM ne, kuma rubutu a can na iya hana kwamfuta tashi.

Lokacin da hoto yake lafiya mun karanta `0x03`. Aka sauya aka dawo, sikirin baƙi, muka karanta `0x00`. Sai muka rubuta da hannu:

```
sudo i2cset -y 3 0x54 0x20 0x03
```

Cikin kamar daƙiƙa biyu hoto ya bayyana, ba a taɓa komai a tebur ba. An maimaita sau biyar, sakamako ɗaya.

Wannan akwatin yana katse wutar 5V ɗin da ke zuwa monita a lokacin sauyi, kuma monitar tana ɗaukar haka a matsayin sabon haɗi ta share gurbin. Da akwati ne da ba ya katsewa, da alamar ta juye: gurbin zai zauna a `0x03`, sai baƙin ya zo lokacin da aka koma kwamfutar da ke ƙasa da 340. Akwatuna masu kyau suna da cif da ke karɓar siginar ya sake haifar da ita, shi yake magana da monita da kansa, ya sake rubuta gurbin a ko wane sauyi. A ganinmu wannan ne abin da ƙarin kuɗinsu ke saye, ba lambar 4K@60 da kowa ke rubutawa ba. Lambar tana faɗin abin da zai iya wucewa ta cikin akwatin ne kawai, ba ta ce komai game da lokacin sauyi.

Laraba, 28 ga Mayu

Tsarin da muka tsaya a kai ya bambanta a ɓangarorin biyu.

Linux ta koma layin kanel, babu emuleta, a 144 Hz. A nan fil na 19 yana faɗuwa yana tashi da gaske, kanel yana jin sa, sai dai ba ya gaya wa tebur cewa an cire monita. Direban Intel kuma idan ya ji tashin yana duba gurbin SCDC, in ya ga bai dace da abin da yake aikawa ba sai ya sake kafa hoton. Sauyi talatin, babu baƙi ko ɗaya, jiran kamar daƙiƙa uku ne.

Windows tana da emuleta mai kwafi, amma dole ta zauna ƙasa da 340 MHz. Monitar ba ta lissafa komai tsakanin 60 da 100 ba, sai dai layin `Display Range Limits` nata ya ce tana karɓar 48 zuwa 144. A nan ne CRU ta yi amfani. Mun ƙara 2560x1440 a 75 Hz a `Detailed resolutions` da tsarin `CVT-RB`, ya ba da 2720 sau 1492, kusan 304 MHz. Bayan `restart64.exe` ya fito a jeri.

Gwajin farko a 75 ya yi baƙi, kuma dalilin ya cancanci a rubuta. An bar zurfin launi a bit 10 a saitin katin hoto. A HDMI, bit 10 yana ninka gudun da 1.25, don haka 304 ya zama 380, an sake haura iyaka. Da aka mayar bit 8 ya zauna. Wanda ke buƙatar bit 10 saboda aikin hoto sai ya tsaya a 60 Hz, inda 241.5 ke zama kusan 302. Ta wannan hanya ɗaya daga cikin biyun ake samu, ko 75 Hz ko bit 10.

Idan ana son 144 a Windows na wani lokaci, ana iya zaɓarsa, da sanin cewa bayan ko wane sauyi sai an danna `Win+Ctrl+Shift+B`.

Litinin, 2 ga Yuni

Gwajin ɗauke wuta. Mun zare komai daga soket na minti biyar, muka mayar, muka kunna kwamfutocin biyu tare, sau ɗaya akwatin yana kan Windows, sau ɗaya yana kan Linux. Emuletar ta riƙe kwafinta, ma'ajiyarta ba ta buƙatar wuta. Duka biyun sun tashi a 2560x1440 ko wace aka zaɓa. Linux da ta tashi ba tare da monita a gabanta ba ta kasa rubuta SCDC a lokacin, amma da aka juyo gare ta ta gyara da kanta. Mun liƙa ɗan tef a kan maɓallin emuletar, domin idan hannu ya danne shi lokacin da akwatin yake ɗaya ɓangaren, babu monitar da za ta kwafa, kuma wasu samfura a wannan hali suna komawa bayanin masana'anta. An ajiye `kaitsaye.bin` a wuri biyu don kwatantawa.

Saura abu ɗaya a buɗe, wato 144 Hz a Windows ba tare da danne-danne ba. Monitar tana da kafar DisplayPort da ba a amfani da ita. Ana iya haɗa Windows can kai tsaye, Linux ta HDMI kai tsaye, a bar wa akwatin aikin USB kaɗai, monitar kuma a riƙa sauya mata mashiga ta DDC/CI, hanyar aika wa monita umarni ta cikin wayar hoto. Lambar mashiga `0x60` ce, kuma a mafi yawan monitoci `0x0f` na nufin DisplayPort ta farko, `0x11` HDMI ta farko:

```
ddcutil capabilities | grep -A8 "Feature: 60"
ddcutil setvcp 60 0x0f
```

Daga Linux umarnin ya yi aiki da aka haɗa kai tsaye. Abubuwa biyu za a auna a mako mai zuwa. Na farko, ko monitar tana sauraron umarni daga mashigar da ba ita take nunawa ba, domin wasu ba sa yi, kuma hakan zai tilasta ko wace kwamfuta ta zama ita ke miƙa monitar kafin a bar ta. Na biyu, ko tana sauke HPD na DisplayPort idan aka bar wannan mashiga ko ta shiga barci. In tana saukewa, tsukewar tagogi za ta dawo ta wata ƙofa, kuma emuletar HDMI ba za ta yi aiki a can ba, tun da DisplayPort tana karanta EDID ta hanyar AUX ne, tana kuma daidaita layukanta da monita a ko wane haɗi. A menun monitar akwai zaɓi game da barcin DisplayPort, da shi za a fara, a kunne sannan a kashe, ana lura da ko na'urar sautin monitar tana ɓacewa daga jerin Windows a ko wane hali.